Mitin ɗina ya koma ƙarfe 10 na dare, batir kuma yana mutuwa 10 da kwata

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, don abin ya fara hana ni barci. A Gusau nake, ina kula da shafin intanet na wani ɗan ƙaramin kanti da ke New York, shekara ɗaya da rabi ke nan. Kowace Talata da Alhamis muna mitin na awa ɗaya da matar da ke da kantin, ƙarfe 4 na yamma agogonsu. Tun watan Maris abin yana faɗo mini ƙarfe 9 na dare, muna gamawa 10, lafiya lau. Makon jiya na zauna ƙarfe 9 na jira shiru, ashe sun ja agogonsu baya, mitin ya koma 10. Muna cikin magana, 10 da kwata inbata ta fara kuka, kafin in ce wani abu gida ya yi duhu, rauta ta mutu, kwamfuta ta bi bayanta bayan 'yan mintoci. Ranar Alhamis ma haka. Ta rubuto mini cikin ladabi tana tambaya ko akwai matsala a wajena. Ban amsa ba tukuna. Wannan aikin shi ke ciyar da gidana, ba na son ya kuɓuce. Me zan fara gyarawa?

Mai Shagon Caji: Wa alaikumus salam. Inbatarka ce ta yi ƙarama, abokina. Ka sayar da ita ka ɗauko babba mai 3.5kVA, magana ta ƙare. Ni tun da na canza ban ƙara jin wannan kukan ba.

Injiniya Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Kafin ka sayi komai, ƙanena, gaya mini abu huɗu. Batir nawa ne, me aka rubuta a jikinsa, kuma shekararsa nawa? Fanel ɗin sola wat nawa? Ƙarfe nawa kuke kunna inbata da yamma? Sannan ka lissafo duk abin da ke kanta, har ƙwan fitilar banɗaki, kada ka ɓoye talabijin.

Ɗan Tudun Wada: Batir ɗaya ne Yallaɓai, na ruwa, an rubuta 12V 100Ah, ya kusa shekara 2. Fanel ɗaya mai wat 200. Inbata mai 1kVA. Muna kunnawa bayan magariba, wajen 6 da rabi. A kanta akwai kwamfutata, da sikirin na biyu da nake jonawa, da rauta, da fanka ɗaya ta tsaye, da ƙwai 3, da talabijin na yara. Wutar gari kuwa wani lokaci a kawo da tsakar dare awa 2 ko 3, wani lokaci kwana biyu ba a gan ta ba.

Injiniya Birnin Kebbi: Madalla. To inbatarka ba ta da laifi. Inbata kamar bakin famfo ce, batir shi ne tankin. In ruwa ya ƙare a tanki, faɗaɗa bakin famfo ba ya ƙara ko ɗigo. Babba ma ta fi cin wuta tana zaune ba aiki, kuma mafi yawan masu 3.5 batir biyu ko fiye suke so, ba ɗaya ba. Ina jin Mai Shagon Caji ya ƙara batir ne ranar da ya canza inbata, shi ne abin da ya yi masa magani.

Mu yi lissafi. Bolt 12 sau 100 ya ba da 1,200. Ma'ana, batir ɗin yana sabo kuma cike, zai iya ba da wat 1,200 na awa ɗaya, ko wat 120 na awa 10, a takarda ke nan. Kayanka kuma ga ƙiyasina: kwamfuta wat 40, sikirin 25, rauta 8, fanka 60, ƙwai uku 27, talabijin 50. Ya kama 210. Inbata ita kanta tana shan wajen 20 ko ba a jona komai ba. Mu ce 230. Daga 6 da rabi zuwa 10 da kwata awa 3 ne da minti 45, ka ninka da 230, za ka samu kusan 860. Wannan shi ne iyakar abin da batir ɗinka yake iya bayarwa yanzu kafin inbata ta yanke.

Ka ga ashe tun tuni kana bakin rami. Lokacin da mitin yake ƙarewa ƙarfe 10, minti 15 kacal ke tsakaninka da duhu, ba ka lura ba ne don kana rufe kwamfuta ka kwanta. Awa ɗayar da agogonsu ya ƙara ita ta tona asirin.

Abin da ya fi damuna ma wani ne. Batir na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 600 a naka. Kai kullum kana tatse shi har ƙasa. Sannan fanel mai wat 200, in ka ba shi awa 5 na rana mai ƙarfi ka cire asarar zafi da waya, abin da zai tara bai wuce 700 ba. Kana cire 860 kana mayar da 700. Duk ranar da ba a kawo wuta ba, batir ya kwana da yunwa. Ga shi hunturu ya kama, ƙura za ta kwanta kan fanel, hazo ya rage rana. In ka bar shi haka, kafin Janairu 9 da rabi zai riƙa mutuwa.

Mai Shagon Caji: Gaskiya ne, batir biyu na sa a ranar. Na ɗauka inbatar ce.

Maman Biyu: Ni dai tambayata ga Ɗan Tudun Wada, ta wace hanya matar take biyanka? Wata ta yi mini tayin aikin shigar da bayanai amma ban san yadda kuɗin za su iso ni a Argungu ba.

Mai Kula da Zaure: Hajiya, wannan tambaya ce mai kyau amma ki buɗe mata nata wurin, an taɓa tattauna ta ma. Nan mu tsaya kan wuta da lokaci.

Ɗan Tudun Wada: Injiniya, jikina ya yi sanyi. To batir zan ƙara ke nan? Kuɗin ba su kai ba yanzu, sai ƙarshen wata.

Injiniya Birnin Kebbi: A'a, ba da saye za ka fara ba. Ka raba aikinka da gidan. Me mitin ɗin yake buƙata? Kwamfuta da rauta, wat 50 ba su cika ba. Awa 2 wat 100 ke nan, wajen kashi ɗaya cikin tara na abin da gidan ke sha. Laifin shi ne ka haɗa abincinka kwano ɗaya da talabijin da fanka.

Ita rauta, juya ta ka duba ƙasanta. Yawanci za ka ga 12V 1A, wasu 9V. Akwai ɗan akwatin batir da ake sayarwa don rauta kawai, yana zama tsakaninta da soket, in wuta ta ɗauke ko ƙiftawa ba ta yi. In ba ka samu ba, akwai waya mai ɗaga bolt 5 na fawa banki zuwa 12, ka jona a fawa banki mai 20,000. Abin da ke cikin irin wannan fawa bankin wajen 74 ne a ma'aunin da muka yi lissafi da shi, ka cire asara ka ce 55, rauta mai wat 8 za ta yi kusan awa 7 a kai. Ka dai tabbatar bolt ɗin ya yi daidai da abin da aka rubuta, kuma kan wayar ya shiga ramin daram.

Kwamfuta kuwa ka ce 'yan mintoci ta yi ta mutu. Wannan ciwo ne daban. In Windows ce, buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Za ta ajiye maka fayil ta faɗi inda yake. Buɗe shi ka duba layi biyu, DESIGN CAPACITY da FULL CHARGE CAPACITY. Na farko abin da batir ɗin ke ɗauka yana sabo, na biyu abin da yake ɗauka yau. Kawo mana lambobin.

Ɗan Tudun Wada: Na yi. Na farko 45,000, na biyu 9,300.

Injiniya Birnin Kebbi: Kashi ɗaya cikin biyar ya rage. Canza batir ɗin kwamfuta ya fi sabon batir ɗin inbata araha nesa ba kusa ba, kuma shi ne zai fi taimakonka. Sabo mai 45,000, in ka cire sikirin na biyu ka rage haske, zai riƙe mitin na awa ɗaya da rabi cikin sauƙi. Ka cika shi da rana lokacin da fanel ke aiki. Daga nan ko inbata ta yi kuka, kai dai fitila ce za ta ɗauke maka, murya ba za ta yanke ba.

Bazamfare: Duk wanga lissahi na wuta ne, amma ku tuna da sabis. Ni abin da ya kashe min aiki da wani Bature ba batir ba ne. Watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, ina da sola cike, ina da data, amma babu ƙarfen sabis ko ɗaya da ke aiki. Sai da na kwashe kwamfuta na koma Zariya wajen ɗan uwana. Kafin in isa in yi bayani kwana 4 sun wuce, ya ba wani aikin. Tun daga nan na ce Starlink kawai, intanet ta tauraron ɗan adam, ita ba ruwanta da ƙarfen sabis. Ka daure ka saye ta, ka huta.

Hajiya Mai Fassara: Allah ya mayar maka da alheri, Malam, duk mun tuna wannan lokacin. Amma shi batir ɗinsa bai ishi fanka ba, ina zai kai Starlink? Ƙanena yana da ita a ofishinsu, faifan babba yana shan wat 50 zuwa sama, ya fi kwamfutar ci. Ga kuɗin wata. Kuma ruwan sama mai ƙarfi yana katse ta na ɗan lokaci. Ga mai hali tana da kyau ƙwarai, amma ba ita ce matakin farko ba a nan.

Ni abin da nake son in ce wa Ɗan Tudun Wada, ɗana, me ya sa sai ƙarfe 4 na yammarsu? Ka taɓa tambayarta? Shekara 6 ina fassara wa mutanen waje daga nan Birnin Kebbi, kuma abin da na koya shi ne yawancinsu lokacin da ya faɗo musu a baki suke sawa, ba su san ƙarfe nawa ne a wajenka ba. Daga Lahadin farko ta Nuwamba zuwa Lahadi ta biyu a Maris, New York tana bayanmu da awa 6. Sauran shekara awa 5. To ƙarfe 9 na safiyarta yanzu ƙarfe 3 ne na ranarka. Rana tana sama, fanel yana aiki, yara suna islamiyya, ku gama kafin la'asar ta yi nisa. In Maris ta zo ya koma ƙarfe 2. Tun da Talata da Alhamis ne ma, ba ruwanka da karo da masallacin Juma'a. Ni wadda nake wa aiki a Jamus na gaya mata tun farko, Juma'a daga 1 zuwa 3 agogona ba na nan, har yau ba ta taɓa sa mini komai a wannan lokacin ba.

Sannan sabis ma ya fi kyau da rana. Daga 8 zuwa 11 na dare kowa ya dawo gida yana kallon bidiyo, ƙarfen unguwa ya cika. Kai kuma daidai lokacin kake son murya ta fita tas.

Ɗalibin Poli: Anti, ai ba Amurka kaɗai ba ce, duk Turawa rana ɗaya suke canzawa. In ka riƙe ranar shi ke nan.

Hajiya Mai Fassara: Ba rana ɗaya ba ce, kuma nan ne mutane ke faɗawa. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai suna turawa gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka ta riga su shiga da mako 2 ko 3, ta kuma bi bayansu wajen fita da mako ɗaya. Landan a lokacin zafinsu agogonmu ɗaya, a lokacin sanyi tana bayanmu da awa ɗaya. Jamus kuwa a sanyi muke daidai, a zafi ta wuce mu da awa ɗaya. Dubai da Saudiyya ba sa canzawa, kamar mu. Ni na daina riƙewa a ka. A Google Calendar akwai wurin ƙara agogo na biyu a gefe, sai ka zaɓi sunan birnin, New York, kada ka zaɓi lamba. Kuma ka roƙe ta ta turo maka gayyatar mitin ta kalanda, ba ta saƙo ba. Gayyata tana gyara kanta ranar da agogo ya canza. Da haka kuka yi da ba ka zauna jiran ƙarfe 9 ba.

Injiniya Birnin Kebbi: Hajiya ta faɗi abin da ya fi nawa amfani, don nata ko kwabo ba ya ci. Zan ƙara abu ɗaya kan sabis. Kada ka yarda da sandunan da waya ke nunawa, sanduna huɗu na iya cika murya tana kakkaryewa. Gwada haka, sau ɗaya ƙarfe 3 na rana, sau ɗaya 10 na dare, a kowane layi da kake da shi:

```
ping -n 50 8.8.8.8
```

A ƙarshe za ka ga kashi nawa ya ɓace, an rubuta loss, da matsakaicin jinkiri, an rubuta Average. In ɓacewar ta haura kashi 2 ko 3 cikin ɗari, muryarka za ta riƙa yankewa a kunnenta ko da kai kana jin ta lafiya. In lambobin time suna tsalle daga 60 zuwa 600 su dawo, layin ya cunkushe. A irin wannan halin kashe kyamara. Murya kaɗai a Zoom ba ta kai kilobit 100 a sakan ba, bidiyo kuwa daga 600 yake farawa. Ka gaisa da ita da kyamara minti 2 ta ga fuskarka, sannan ka kashe.

Bazamfare: Layi biyu ma ba kullum suke ceto ba. Unguwarmu ƙarfe ɗaya ne kamfanoni biyu ke rataye a kai, ranar da injinsa ya tsaya duka biyun ke tahiya tare. Ka lura da kyau, in suna ɗaukewa lokaci ɗaya, nemi na uku.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya da ke cina. Me zan ce mata? In gaya mata gaskiya wuta ce? Ina tsoron ta ce wannan ɗan Najeriya ba abin dogaro ba ne.

Bazamfare: Kada ka soma. Ka ce kwamfutarka ce ta samu matsala ka gyara. Da zarar ka ambaci wuta, duk ranar da ka makara da minti 5 ita za ta tuna. Na gani da idona.

Hajiya Mai Fassara: Ban yarda ba, Malam. Sau biyu a jere, a daidai lokaci guda, ai ta san ba haɗari ba ne. Kuma in ya ɓoye, da wane dalili zai nemi a canza lokaci? Abin da ba sa so shi ne kuka da dogon labari. Layi uku sun isa. Ka ba da haƙuri sau ɗaya. Ka ce canjin agogo ya kai mitin ƙarfe 10 na dare a wajenka, lokacin da wutar ajiyarka take ƙarewa, kuma ka riga ka ɗauki mataki. Sannan ka ba ta zaɓi biyu, 9 ko 10 na safiyarta, ka rubuta da agogonta. Ka ƙara da cewa daren kowane mitin za ka turo mata rubutaccen bayanin abin da ka gama da abin da ke jiran amincewarta. Wannan na ƙarshen shi ne garkuwarka. Ranar da layi ya yanke, aikin yana hannunta tun jiya, mitin ɗin ƙari ne kawai. Kuma ka ba ta lambar wani naka a wani gari, ko shi ka ba shi imel ɗinta. Da Bazamfare yana da wanda zai aika layi ɗaya a madadinsa ranar farko, wataƙila da kwana huɗun ba su ci shi ba.

Bazamfare: Wannan na aika wani na yarda da shi. Amma zancen ambaton wuta ina nan kan bakana. Mutum mutum ne, wani zai fahimta, wani ba zai fahimta ba, kuma ba ka sanin wane ne sai bayan ka faɗa.

Mai Shagon Caji: Injiniya, in ya tashi sayen batir ɗin, litiyam ko na ruwa? Ni masu kawo mini kaya kowa da abin da yake faɗi.

Injiniya Birnin Kebbi: Litiyam irin wanda aka rubuta LiFePO4 ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa kullum bai damu ba, don haka mai 100 ɗaya ya kusa yin aikin na ruwa biyu, kuma ya fi daɗewa. Matsalar kuɗin farko ne, da jabu da suka cika kasuwa, da kuma inbata da na'urar cajin sola, sai sun dace da shi. Zafinmu na Afrilu ba ya raga wa kowanne, kada a ajiye batir a ɗakin da rana ke dukan kwanonsa ba iska. Amma shi ko wanne ya saya, in bai ƙara fanel ba, sabon ma yunwa zai kwana. Fanel tukuna. Yanzu dai ya hau ya wanke wanda yake da shi da sassafe kafin ya yi zafi, ruwa da tsumma mai laushi, kowane kwana 3 har hunturu ya wuce. Ya buɗe murafen batir ya duba ruwa, in ya sauka ya ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, ba asid ba, ba na rijiya ba.

Ɗan Tudun Wada: Ga yadda ake ciki. Na hau rufi da safe, ƙurar da ke kan fanel har na rubuta sunana da yatsa. Na wanke. Na yi gwajin da Injiniya ya ce: da rana ɓacewa 0, Average 70. Ƙarfe 10 na dare ɓacewa kashi 6, Average 240, a layin da nake mitin da shi. Ɗaya layin kashi 2. Na rubuta mata kamar yadda Hajiya ta tsara, na ambaci wutar a layi ɗaya. Ta amsa ta ce Talata ƙarfe 9 na safe ya yi mata, amma Alhamis ba za ta iya ba, da safe take karɓar kaya, sai dai 4 ɗin. Don haka Alhamis tana nan ƙarfe 10 na dare har Maris. Na sa rauta a fawa banki, ta yi awa 5 da rabi a gwaji. Batir ɗin kwamfuta ban samu irinsa a nan ba, an ce sai an aiko daga Kano, kwana 5. Alhamis ɗin nan kuwa jibi ce.

Injiniya Birnin Kebbi: To jibi a kashe talabijin da fanka tun ƙarfe 8, dare ya fara sanyi ai, ƙwai ɗaya ya isa, sikirin na biyu ma a cire. Daga 6 da rabi zuwa 8 za ku sha wajen 350. Daga 8 zuwa 11 kwamfuta da ƙwai da inbata wat 70 ne, sau 3, 210. Jimla 560, kana da rarar 300. Ka yi mitin ɗin da layin da ya ba ka kashi 2, ɗayan yana kan waya a gefe. In kana da mita, auna bakin batir ƙarfe 6 kafin a kunna komai, bayan rana ta sauka daga kan fanel, ka turo mini lambar. In ta gaza 12.5 ka kira ni, akwai sauran magana.